Dambun da Inna Ta Rufe da Faifai

Rannan Inna Fatsuma ta ce ta bar girki gaban kyamara. Ƙanwar mahaifiyata ce, tana da rumfar abinci a Magama, bakin iyaka, ni kuwa nake ɗaukarta a waya ina sakawa a YouTube. Masu kallonmu sun zube warwas, ita kuma ta yanke hukunci.

"Zulfa, sun gaji da tsohuwa. Kullum dambu, kullum kwaɗon zogale, mi ya rage?"

Direbobin da ke jiran a duba takardunsu kowa ya zama malami. Wani ya ce kamfanin YouTube ne ya sauya tsari, wani ya ce baki ne. Wallahi haushi ya kama ni. Na zauna kan benci na buɗe alƙaluman tasharmu.

Na fara da zargin kamfani. Yawan nuna bidiyonmu ga mutane yana nan inda yake, tashoshin girki na ƙawayena ma ba wadda ta girgiza. To, ba nan ba. Batun gajiya da dambu kuwa, wata 'yar Maraɗi ta saka nata ana ta rububi, tsofaffin bidiyon namu ma ana buɗewa. Wanda ya shiga sabon kuma yana kallo har ƙarshe. Shigar ce ta ragu: ana gani, ana wucewa.

Na miƙa wa Kalilu, direban Maraɗi da ba ya wuce rumfarmu, sabon bidiyon.

"Ai na ga wannan tun tuni," in ji shi, bakinsa cike da dambu.

"Jiya na saka shi, Malam Kalilu!"

Sai na jera hotunan fuskar bidiyon, waɗanda ake fara gani kafin a buɗe. Kai! Tun da wata ta yi wa zanen da Inna ke ɗaurawa wurin aiki tsiya a sharhi, Inna ta kafa doka: ba hoto sai ta sa leshinta na Sallah, ta riƙe kwano a rufe da faifai, don mai mutunci ba ta miƙa abinci a buɗe. Leshi ɗaya, murmushi ɗaya, faifai ɗaya. Ko ni da na ɗauka ban iya bambance su ba.

Ban taɓa komai ba sai hoton bidiyo guda, don in tabbatar. Na sa dambu a buɗe yana tururi, hannun Inna na zuba mai. Kafin kasuwar Lahadi shigar wannan bidiyon ta dawo, sauran kuwa suna kwance.

Na nuna mata. Ta kalli wayar, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙi ne.

"Ashe ba ni suka ƙi ba?"

"Ke suke nema, Inna, ke kika ɓoye masu abincin."

Ta ja tsaki, ta jawo madambaci.

"To tashi ki kunna abin naki, sarkin surutu, zogale na bushewa."