Manoman Mutum Biyu Sun Ragu

Imrana ya rubuta "Barka da rana, Madam" ya goge, ya sake rubutawa. Fankar ofishin nasu na unguwar Barade tana juyawa, ba ta kawo komai sai ƙara.

Wata huɗu ke nan da ya fara aiki da wannan ƙungiya mai taimakon manoman shinkafa, aikinsa tace bayanan da ma'aikatan ƙauye ke turowa ta waya. Wanda ya kawo shi kuwa Manga ne, abokin marigayi babansa, shugaban ma'aikatansu na garin Mutum Biyu. Shi ya riƙo hannunsa har gaban Madam Patricia, manajar shirin, ya ce, "Wannan ɗana ne, kansa na ja."

A rahoton wata ukun da suka wuce, Mutum Biyu ta nuna manoma 2,140. Masu ba da tallafi sun ce duk yankin da bai kai dubu biyu ba, ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Har lemo aka sha a ofis. To yanzu Imrana ya gama tacewa, allon rahoto ya koma 1,590, Madam kuma ta leƙo da safe ta ce, "Imrana, mutanena ɗari biyar da hamsin, ina ka kai su? Ka rubuto min, manyanmu na Abuja za su tambaya."

Ya fita bayan ofis ya kira Manga.

"Kawu, in manomi ya karɓi iri, ya dawo karɓar taki, yaya kuke yi?"

"A buɗe masa fom mana."

"Sabo?"

"To tsoho za a buɗe? Tun muna takarda haka muke yi. Duk wanda ya miƙo hannu a rubuta shi, kar gobe a ce Manga ya ci buhu."

"Ai su mutane suke ƙirgawa, Kawu, ba zuwa ba."

Manga ya yi dariya. "Kai da injin naka. Gyara mana dai, ɗana. Shinkafarka na nan na ajiye maka."

Ya koma kujerarsa. Ya sake bin layukan sunayen, yana neman ko mutum ɗaya da ya cire bisa kuskure. Babu. Sai ya rubuta:

"Madam, adadin Mutum Biyu ya sauka daga 2,140 zuwa 1,590. Tsohon adadin layukan fom ne, sabon kuma mutane. Layuka 430 manoma ne da aka yi wa rajista ranar iri, aka sake yi musu ranar taki. Lambar katinsu ɗaya ce, ƙauye ɗaya. Layuka 96 fom ne da aka cike sau biyu saboda ba sabis, ma'aikaci ya ɗauka na farko bai tafi ba. Sauran 24 na gwaji ne daga ranar horo. Akwai waɗanda lambar wayarsu ta zo ɗaya, amma ban cire su ba, domin a ƙauye gida guda kan yi amfani da waya ɗaya, kuma katunansu daban ne. Yawan iri da takin da aka raba bai canza ba, ya yi daidai da na sito. Ban taɓa fayil na asali ba, na haɗo shi da wanda na tace. Fom ɗinmu ba shi da wurin nuna cewa manomi dawowa ya yi. Ba wanda ya ƙirƙiri suna."

Wannan jimlar ta ƙarshe ya daɗe yana kallonta. Ya ɗauke ta ya kai sama, ya sa ta a layin farko. Sannan ya tura.

Madam ta kira shi bayan azahar. Ta cire tabarau tana murza ido.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, Madam."

"Ni na sa hannu a wancan rahoton, ka sani." Ta mayar da tabarau ɗin. "Aikinka ya yi kyau. Allah ya sa su karanta har ƙasa."

Ta tura Abuja kamar yadda yake, ta ƙara da roƙon a duba batun fom ɗin. Amsa ta zo mako na gaba. Sun gode da gaskiya, za a gyara fom, amma 1,590 bai kai dubu biyu ba. Za a rufe Mutum Biyu ƙarshen wata, yankin Sunkani kuwa zai ci gaba.

Ranar da Manga ya zo mayar da wayoyin aiki, Imrana ya tare shi a bakin ƙofa ya rusuna.

"Kawu, sannu da hanya."

"Yauwa." Manga ya ajiye kwalin wayoyin a kan tebur. "Madam ta nuna min abin da ka rubuta. Ka ce ban yi sata ba. Na gode."

"Kawu, wallahi na nemi hanya..."

"Yaran aikina shida ne a can, Imrana. Me zan ce musu? Mun yi aiki, rubutun ne ya yi yawa?"

Manga ya ƙirga wayoyin a gaban mai sito, ya sa hannu, ya ce a gaida gida. Ya fita ya tsaya bakin titi cikin rana yana jiran keke napep.