Akwatin Husaina

"Wallahi ba za ka sa mini 'ya a cikin wannan abin ba," in ji Zuwaira.

"Gado ne," in ji mijinta Garba.

"Gado? Ni za ka gaya wa gado? Irinsa kake ƙera wa mutanen coci in yaro ya mutu musu. Murfi kawai ka rage."

Garba kafinta ne, ba ya son dogon zance. Ya ajiye akwatin a gefen tabarma, ya ƙwanƙwasa gindinsa da ɗan yatsa. Katako ne shimfiɗaɗɗe, ya ja zane ɗaya a kai ya ɗame shi, ba matashi, ba tsumma. Ya ce a kwantar da yarinyar rigingine, kusa da uwarta, inda hannu zai kai. In ta sha nono a mayar da ita.

"Jaririn da uwarsa ke raye a jikinta yake kwana," in ji ta. "Tambayi Inna Laraba."

"Inna Laraba ba ta shigo ɗakin nan da waccan asubar ba. Ni na shigo."

Ya ɗauki hularsa ya tafi shago.

Ɗaki ɗaya suke haya a unguwar Abakpa, gadon ƙarfe na aurenta ya cinye rabinsa. Katifar rimi ce, mai laushi, ta lotsa a tsakiya, ga matasai jere a jikin bango. A kanta Zuwaira ta kwana da tagwayenta, Hassana da Husaina, har bayan suna. Wata asuba aka tashi Hassana ba rai. Mutanen gidan suka ce kwananta ne ya ƙare, aka yi addu'a, aka watse. Garba ne ya ɗago ta daga gadon, kuma har yau bai faɗi yadda ya same ta ba.

Tun ranar Zuwaira ta daina kwanciya. A kujera take zama da Husaina a ƙirji, tana faɗa da barci. Garba ya ce kujerar ta fi gadon haɗari, ta yi kamar ba ta ji ba. Uwarta ta rasu tuni, balle ta je wankan gida. Inna Laraba, tsohuwar ɗakin ƙarshe, ita ke dafa mata ruwan jego safe da yamma, ta fyaɗa mata da ganye, ta miƙo kunun kanwa, ta koma harkarta.

Yau ma haka aka yi. Ruwan ya saki jikinta gaba ɗaya, kunun ya sauka da nauyi. Gidan ya yi tsit, maza sun fita, wata rediyo na magana can nesa. Ta zauna a kujerar, ta ba Husaina nono, ta ce a ranta ido ɗaya ma ba za ta rufe ba.

Ba ta san lokacin da barci ya ɗauke ta ba. Da ta farka, hannunta ya saki, yarinyar ta zame ta maƙale tsakanin cinyarta da hannun kujera, fuskarta a nutse cikin zane. Ta fizgo ta. Jikin da zafi, jiƙe da gumi, fuskar ta yi duhu. Sai Husaina ta ja numfashi, ta tsala kuka.

Zuwaira ba ta kira kowa ba. Wa za ta kira? Ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana jijjiga ta har kukan ya lafa. Ta daɗe tana kallon akwatin. Sannan ta durƙusa, ta shafa cikinsa ko akwai ƙusa ko tsaga. Sumul yake. Ta yi bismilla ta kwantar da yarinyar rigingine, ta ja mayafi iya ƙirji ta cusa bakinsa a gefe. Ita kuma ta miƙe a tabarma, ta ɗora hannu a bakin katakon. Ƙirjinta ya yi mata wayam, kamar an ƙwace mata wani abu. Tana kallon ɗan cikin yana hawa yana sauka, har barci ya zo, irin wanda ta manta da shi.

Bayan la'asar Garba ya dawo. Ya ɗaga labule, ya gan su, ya tsaya. Ya zauna a dokin ƙofa ya ba su baya, yana kaɗe garin katako daga wandonsa.

Zuwaira ta buɗe ido. Ta duba yarinyar tukuna, sannan ta dubi bayansa.

"Malam."

"Na'am."

"Ranar da ka ɗago Hassana, a ƙarƙashina ka same ta?"