Laccar Yaya Bahauddeen a Kan Gyaɗa

Bayan sadakar arba'in, Malam Zulkifilu, shugaban ƙungiyar manoma ta Ƙaraye, ya kira Munawwara ofishinsa. Ita ke kula da shafin ƙungiyar na intanet. Yayanta Bahauddeen kuwa shi ne malamin gonarsu, kafin hatsarin mota ya yi ajalinsa.

"Ya ƙarin haƙuri?" in ji shi. "Laccar nan da marigayi ya yi ta intanet kan adana gyaɗa, mutanenmu kaɗan ne suka samu shiga. Ina so a mayar da ita rubutu a shafinmu kafin kaka. In zai yi miki nauyi, sai in ba wani."

"Zan yi, Malam."

Ta buɗe silaid ɗin da ya haska wa masu kallo. Kowane shafi kalmomi ne tsiraru: Cira. Shanya a kan tamfol. Tsince. Fumfuna. Ta cire shafin maraba da na godiya, ta haɗe waɗanda ke magana ɗaya, ta sa wa kowane kashi kan magana. Wannan bai ba ta wuya ba. Abin da ke kai mai karatu daga wani kai zuwa na gaba ne babu, domin a bakin yayanta yake.

Dole ta kunna rikodin bidiyon laccar. Ya yi gyaran murya irin ta babansu, ya yi sallama, ita kuma ta amsa a fili kafin ta ankara. Haka ta riƙa yi, ta ji kaɗan, ta tsayar, ta rubuta. Inda ya ce "kamar yadda kuke gani a nan", sai ta goge ta faɗi abin da ke cikin hoton, tunda mai karatu ba ya tare da shi. In ta tsayar, fuskarsa kan daskare a ƙaramin akwatin gefe, baki a buɗe, yana jiranta.

Tsakanin shanya da ajiya akwai wani shafi: hoton buhuna jingine da bangon ƙasa, an rubuta "Beli" a sama. Nan ya ce, "Bari in ba ku labarin…" sai sabis ɗinsa ya ɗauke. Da ya dawo, mai gabatarwa ta ce lokaci ya ƙure, ya tsallake zuwa ajiya. Ta duba ƙasan shafin, inda mai jawabi kan rubuta wa kansa tuni. Fayau.

Malam Zulkifilu ya ce ta jefar da shafin. Ta gwada, amma rubutun ya riƙa tsalle daga shanya a rana zuwa ajiya a ɗaki ba dalili. Washegari ta hau mota zuwa Rogo, daga can ɗan acaɓa ya kai ta ƙauyen Beli.

Ta nuna hoton a wayarta, aka raka ta gidan wani dattijo, Malam Liti. Sun daɗe suna gaisawa kafin ta faɗi ko ita wace ce. Ya dafe kai, ya yi salati. Bai ji rasuwar ba.

"Ɗakina ne," ya ce. "Hadari na gani, na kwashe gyaɗar da sauran danshi, na ɗura a buhu, na jingine a ƙasa. Da na buɗe, fumfuna ta cinye ta. Yayanki ne ya hana ni ba awaki, ya ce akwai guba a ciki, har nononsu tana bi. Ya ce zai ba da labarina ba suna. Ya bayar, 'yata?"

"Bai samu ƙarasawa ba, Baba."

"To ke ƙarasa masa."

Ta dawo ta rubuta sakin layin, ba sunan mutum, ba sunan gari. Ta rufe shi da cewa: "Gyaɗar da ba ta yi kacau-kacau a hannunka ba, kada ka kai ta ɗaki. In ta shiga, sa katako a ƙarƙashin buhun, ka raba shi da bango." Daga nan kashin ajiya ya zauna daidai. A ƙarƙashin take ta sa: daga laccar marigayi Bahauddeen.

Kafin ta wallafa, ta kai wa matarsa Safiyatu, wadda ke cikin takaba. Suka zauna a tabarma tana karanta mata. Da aka zo kan sakin layin da Munawwara ta ƙara, Safiyatu ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Maimaita nan."

Ta maimaita.

"Shi ne," in ji Safiyatu a hankali. "Sauran duk na ji hannunki a ciki. Wannan kam haka ya fito daga bakinsa."

Munawwara ta dubi layukan. Ta san sarai ita ta rubuta su, ita kaɗai a ofis, rikodin a kashe. Amma ta kasa tuna lokacin da ta zaɓi kalmomin.

"Ci gaba mana," in ji Safiyatu, ta gyara mayafinta.

Ta ci gaba.