Kwana Talatin

Shekara ashirin Na-Allah yana ɗaukar shinkafa da mai da sukari a magazin, wato babban shagon sari, na Alhaji Issufu, nan kasuwar Malanville. Ya ɗauka Alhamis, ya biya Litinin in kasuwa ta watse. Ba takarda tsakaninsu.

Sai Rahina, ɗiyar Na-Allah, ta kawo sabon tsari. Masu ƙananan shaguna na Guéné da Madécali su huta da zuwa, su aiko abin da suke so ta waya, ɗan kabu-kabu ya kai musu, su biya bayan sati biyu ko ukku. Ciniki ya ninka. Amma ranar Litinin aljihu wayam, kuɗin duk suna ƙauye.

Ya zaunar da ita, yana faɗi tana rubutawa:

"Alhaji, bayan gaisuwa. Na canza yadda nake saida kaya, kuɗina ba su dawowa kafin sati ukku. Ina roƙon ka ɗaga mini biya daga kwana huɗu zuwa kwana talatin. Zan ninka abin da nake ɗauka."

Ya ce ta haɗa da sunayen masu shagunan, su arba'in da ɗaya, kowa da lambar wayarshi da abin da yake saye.

Rahina ta ɗago kai. "Baba, har da lambobin?"

"Ke kin san waya, ni na san mutane. Ba mai ba ka kwana talatin don kyan rawaninka. Bari ya ga kuɗinshi ba kogi za su faɗa ba."

Idon Alhaji ya yi rauni, babban ɗanshi Abdurazak ke karanta takardu yanzu. Washegari amsa ta zo da hatimi: an amince. Na-Allah ya cika shago har rufi.

Sati na biyu waya ta rage kuka. Na ukku ta yi shiru. Na-Allah ya hau babur zuwa Guéné, wajen Karimatu, wadda ta fi kowa saye. Ya tarar da buhuna jibge a shagonta.

Ta ce, "Malam Na-Allah, kada ka ga laifina. Daga magazin suka kira ni da sunana. Kowane buhu sun rage mini dala ɗari biyu, sefa dubu ke nan, motarsu ke kawowa har ƙofa."

Ya koma magazin, ya tarar da Alhaji bisa tabarma yana jan carbi, Abdurazak kuma yana zaune gaban tebur.

"Alhaji, sunayen nan amana na ba ka."

Alhaji ya dubi ƙasa. "Ni yanzu sai abin da yara suka ce."

Abdurazak ya miƙo mishi kujera cikin ladabi. "Baba Na-Allah, me kuka roƙa da ba mu ba ku ba? Kwana talatin kuka ce." Ya duba allon wayarshi. "Saura shida."

Na-Allah bai zauna ba. A shago Rahina ta ga fuskarshi, ta gane. Ya raɓa tsakanin buhunan, da kyar ya samu wurin shimfiɗa tabarmar salla.