Iskar Ɗaki Na Huɗu

Shekara ashirin da biyu Malam Inuwa ya yi yana tantance fata a wani kamfanin jima da ke Chalawa. Aikinsa ke nan: a shimfiɗa masa fatar akuya a tebur, ya shafa, ya ɗaga ta a haske, ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba uku, wannan wuƙar mahauci ta ɓata ta. Dillalai sun sha kawo masa goro da abin da ya fi goro, bai taɓa mayar da lamba uku ta zama biyu ba. Da kamfanin ya rufe a 2006, an sallame shi da agogon bango, da kuma suna a unguwa cewa Inuwa ba ya ƙarya. Agogon ya tsaya tun shekarar farko. Sunan ne kawai ya rage masa, shi ma bai taɓa sayo masa ko mudun gero ba, amma dai yana riƙe da abinsa.

Mijin ƙanwarsa, Alhaji Bala, shi ya rufa masa asiri, ya ba shi manajan gidan saukar baƙinsa mai ɗaki shida, can bayan kamfanonin. A da gidan ba ya kwana babu mutum, injiniyoyi da direbobin tirela da masu saro fata daga kudu. Zuwa 2009, rabin injunan unguwar sun yi shiru, manaja ya zama mai gadin katifu.

Bilkisu, ɗiyar Alhajin da ta gama jami'a, ita ta kawo shawarar a sa gidan a wani shafin intanet da matafiya ke kama ɗaki tun kafin su taso. Ta zo ofis da kwamfutarta da ɗan modem, ta zauna ta yi musu bayani.

"Kowane ɗaki yana da nasa gurbi," in ji ta. "Za a sa hoto, a faɗi girman gado, a yi alama a kan abin da ke ciki, fanka ko firji ko talabijin. Sai kuma 'yan layuka na bayani. Wanda ya kwana ya tafi, masu shafin za su aika masa ya ba mu maki, ya rubuta abin da ya gani. Kuma abin da ya rubuta ba ma iya gogewa."

"To ai da sauƙi," in ji Alhaji. "Rubuta wuta awa ashirin da huɗu."

"Alhaji, janaretan daga magariba ne zuwa sha biyu," in ji Malam Inuwa.

"Idan NEPA ta kawo fa?"

"Ranar da ta kawo sai mu yi wa baƙo albishir."

Alhaji ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Malam Inuwa, talla ake yi, ba shaida a gaban alƙali ba. Su wancan otal na Bompai, kududdufi ne da su a tsakar gida, amma wurin ninkaya suka kira shi."

"Ku bar min rubutun. Wanda ya karanta ya zo, ba zai tarar da abin da ban gaya masa ba. Idan aka samu wanda ya ce na yi masa ƙarya, ku karɓi makullanku."

Ya faɗi wannan ne da irin muryar mutumin da ya san ba za a taɓa kama shi ba. Alhaji ya ce ya ji, Bilkisu kuma shaida ce.

Kwana uku ya yi yana aikin. Ya ari tef wurin tela ya auna kowane ɗaki. Ya kwanta a kowace katifa, ya buɗe kowane famfo yana duban agogon hannunsa. Yana rubutawa da Hausa a littafin 'yan makaranta, Bilkisu tana mayarwa Turanci, su yi ta ja.

"Kawu, kun fara da tsagewar bango. Wa zai kama ɗakin da aka fara masa da tsagewa?"

"Haka ake duba fata. Aibi tukuna."

"Ɗaki ba fata ba ne. Ku fara da abin da zai sa mutum ya so wurin, sannan ku faɗi sauran. Ba na ce a ɓoye ba."

Ya ga tana da gaskiya, kodayake bai faɗa mata ba. Ya koyi abin a hankali. Ɗaki na biyu ƙarami ne, ya rubuta: "Na mutum ɗaya ne mai son shiru, ƙafa goma a kan tara, da teburin rubutu. Tagarsa katanga take kallo." Na biyar: "Shi ya fi kusa da janareta, fankarsa ce ta fi ƙarfi, amma mai saurin farkawa ya zaɓi wani." Ruwan zafi kuwa ya rubuta a fili cewa a bokiti ake kawo shi, a faɗa minti goma kafin lokaci. Da Bilkisu ta so ɗaukar hoto daga lungun da ke ƙara wa ɗaki faɗi, ya sa ta tsaya a bakin ƙofa, inda baƙo zai fara tsayawa.

Ɗaki na huɗu ne abin alfaharinsa. Yana sama, taga biyu suna kallon juna, babu tsagewa, babu ɗigon ruwa. Ya tsaya a tsakiyarsa bayan la'asar, iska tana kaɗa masa riga, ya ji har wani abu kamar waƙa ya taso masa. Ya rubuta: "Ko babu wuta ba ka buƙatar fanka. Buɗe taga, iska mai daɗi tana ratsa ɗakin tun daga yamma." Bilkisu ta karanta, ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai ta buga.

Mako biyar babu labari. Sai ga saƙo ya shigo imel ɗin Bilkisu: wani injiniya daga Legas, zai zo haɗa inji a kamfanin roba a Sharaɗa, ya kama ɗaki na huɗu kwana tara. Malam Inuwa da kansa ya shimfiɗa zanin gado. Mutumin ya iso da azahar, mai fara'a, ya ce bayanin ne ya ja shi, don bai taɓa ganin masaukin da ya faɗi aibin kansa ba. Ya ce yana da asma, shi ya sa ya zaɓi ɗaki mai iska.

Da hantsi washegari ya sauko da jakarsa, ido jajur, yana riƙe da ɗan abin shaƙarsa. Ya biya kwana ɗaya. Malam Inuwa ya bi shi har bakin titi yana tambayar me ya faru, mutumin ya nuna sararin sama da hannu, ya girgiza kai, ya shige tasi.

Bayan kwana shida Bilkisu ta zo da kwamfuta, Alhaji yana biye da ita. Ta karanta tana fassarawa. Maki uku cikin goma. Ɗaki tsaf, gado mai kyau, manaja mai ladabi, duk abin da aka faɗa game da wuta da ruwa haka yake. "Amma iskar da suka yi talla da ita warin ruɓaɓɓiyar fata ce da sinadari, daga magudanar kamfanonin jima da ke bayan gidan. Na rufe taga zafi, na buɗe ban iya numfashi ba. Sun faɗi ƙananan aibobi ne don a yarda da su, suka ɓoye babban. Wannan ya fi ƙaryar kai-tsaye muni."

"Wane wari?" in ji Malam Inuwa.

Alhaji ya fara dariya ƙasa-ƙasa, sai ya ga fuskar surukin nasa, ya daina.

"Bilkisu, ke kina jin wani wari?"

"Kawu, tun daga kwanar Fanshekara ake fara jin sa. Da yamma ya fi. Har a mayafina nake tafiya da shi gida."

"Kika bar ni na rubuta iska mai daɗi?"

Ta sunkuyar da kai. "Na ɗauka kun sani. Na ce ko nan ne kuka ɗan sassauta wa Baba."

Wannan ta fi masa ciwo a kan maki ukun. Ya hau sama shi kaɗai, ya buɗe tagogin ɗaki na huɗu, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika. Iska ce kawai. Ga magudanar can ƙasa, ruwanta baƙi-baƙi da kumfa, kullum yana ganin ta kamar yadda yake ganin turken lantarki. Hancin da ya yi shekara ashirin da biyu a ɗakin jima ya riga ya yi ritaya tun kafin mai shi, kuma babu wanda ya sanar da shi.

Da ya koma gida cin abincin rana ya tambayi matarsa, Uwani.

"Malam, ka taɓa ganin na haɗa kayanka da na yara a baho ɗaya?"

"Na ɗauka girmamawa ce."

"Har da ita," in ji ta, ta tura masa kwano.

Ya dawo ofis da littafinsa, ya ajiye makullai a tebur gaban Alhaji, ya ajiye sabon rubutu a gefensu: "Gidan yana kusa da kamfanonin jima. Da yamma warin fata yana isowa duk ɗakunan, musamman na sama. Bai dace da mai ciwon ƙirji ba."

Alhaji ya karanta sau biyu. "Wannan ai sanarwar rufe gida ce."

"Masu sayen fata ba zai dame su ba. Su za mu nema."

"Masu sayen fata nawa suka rage? Lissafa min su, yatsun hannu ɗaya sun isa." Ya tura masa makullan. "Ɗauki abinka, ni ban ce ka tafi ba. Ina za ka je da shekara hamsin da huɗu? Ƙanwarka ma ba za ta bar ni in yi barci ba. Ba ƙarya nake so ka yi ba. A cire maganar iska. A sa: a tsakiyar masana'antu, kusa da wurin aikinka. Akwai ƙarya a ciki?"

Malam Inuwa ya duba jimlar kamar yadda yake duba fata. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Ya kuma san sarai me aka yi ta don ta rufe. Ya tuna 'ya'yansa biyar, uku suna makaranta, ya tuna ƙofofin kamfanonin da ciyawa ta fito a bakinsu tun daga Sharaɗa har Chalawa.

"Kawu, wanne zan buga?" in ji Bilkisu, yatsunta a kan madannai.

Ya yage shafin da ya rubuta, ya ninke shi huɗu ya sa a aljihun gaba, ya ɗauki makullan.

"Buga na babanki."

Ta buga. Modem ɗin ya ɗauki lokaci kafin ya aika, su uku suna zaune suna kallon allo. Da rubutun ya wuce, Alhaji ya sa hularsa, ya ce Allah ya kawo kasuwa. Malam Inuwa ya ce amin.