Ɗaki na bakwai

Ita ce ta kawo tsarin, kuma har yau a ofis ana yabonta a kansa. Da can kowane mataki na wasan wayar da suke ƙerawa da hannu ake zana shi, wata guda ana fama. Sai ta yanka komai ƙananan tayil, 'yan murabba'ai masu girma ɗaya, ta gina ɗakuna talatin, kowanne tayil ashirin a faɗi, goma sha biyu a tsayi, ƙofofinsu a layi ɗaya don kowane ɗaki ya haɗu da ɗan'uwansa. A jera su kawai, mataki ya fito. Asalin kowane ɗaki guda ne. In ka taɓa shi, ya canza duk inda aka sa shi. Oga har Injiniya yake kiranta.

Ga Babanta kuma a gida, kullum a falo, tun da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa hannun dama. Ya ji cewa sunanta na fitowa a ƙarshen wasan, ya rantse sai ya kai can da kansa. Mutumin da a da yake cewa wasan waya aikin marasa aikin yi ne!

Ɗaki na bakwai ya tsare shi. Rami ne mai faɗin tayil huɗu, ɗan mutumin wasan kuma iyakar tsallensa ke nan, sai an danna daidai bakin ramin. Yatsan Baba kullum a makare yake.

Ta sami Oga. “Ranka ya daɗe, tayil ɗaya kawai zan ƙara a bakin ramin.”

“Wuri nawa ɗakin yake?”

“Ashirin da uku.”

“To wa zai sake gwada wuri ashirin da uku? An rufe gyara. Ke fa kika kafa dokar nan.”

Haka ne kuwa. Ta yi wa Baba tayin haɗa masa nasa mai sauƙi, ya harare ta. “Wanda mutane ke bugawa nake so. Ni ba jariri ba ne.”

Kwana goma sha ɗaya yana faɗawa ramin. Ran na sha biyu da la'asar, tana yanka masa farce a ƙafa, ya yi ihu har Mama ta fito daga kicin da ludayi.

“Na haye! Uwata, na haye!”

Ya wuce ɗakuna biyu yana dariya, ya shiga mataki na gaba. Ita ta san abin da ke bayan ƙofa ta uku, don ita ta jera shi. Ɗaki na bakwai ne kuma.

Dariyar ta tsaya. Ya matso da wayar kusa da ido.

“Uwata, ba na wuce wannan ba?”

“Ka wuce, Baba.”

“Sau nawa ya rage?”

Ta sunkuyar da kai kan farcen. Ya gyara riƙon wayar da hannun da ciwon ya taɓa, ya sake danna tsalle.