Ribar Me Yake Rabawa?

Ranar da Nura ya koma shagon Malam Abdulmumini a Rogo, sai da ya wuce ƙofar sau biyu kafin ya iya yin sallama.

Wata shida baya, a shagon nan ya bayyana shawararsa: zai sayar da hannun jarin da mahaifinsa ya bar masa a wani kamfanin siminti, ya sayi kirifto, kuɗin nan na intanet. Malam Abdulmumini, aminin marigayin, ya tambaye shi, "Kamfanin nan siminti yake sayarwa, ya ci riba, ya raba maka. Shi wannan naka, ribar me yake rabawa?"

Nura ya yi dariya a gaban mutane. "Baba, ai zamani ya wuce ku."

Yanzu kirifton ya zube. Nura ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa wayarsa, idonsa a ƙasa.

"Baba, duba min. Ya yi arha ne in ƙara saye, ko in sayar?"

Tsohon ya juya wayar a hannunsa. "Da kamfani ne, sai mu duba ribarsa ta bara mu auna farashin. Wannan da me zan auna shi? Kuɗinsa shi ne abin da mai saye na gaba ya yarda ya biya."

Ya miƙa wa Nura wayarsa.

"Wa kake sa ran zai saya?"

Nura ya ƙara sunkuyar da kai. Tun jiya yake lallaɓar ƙanwarsa Radiyya ta saya daga hannunsa.